Ganyen Shayi a Cikin Ma'aunin Ruwa

A gidansu 'Yar Sama ake ce mata, tun ranar da ta dawo da takardar shaidar karatun yanayi ta samu aiki a tashar duba yanayi da ke bayan filin jirgi. Ba don girmamawa aka sa mata sunan ba. Kawunta ne ya raɗa shi, ya ce shekara huɗu aka yi ana biya mata makaranta don ta koyi ɗaga kai, abin da kaza ke yi kyauta in ta sha ruwa.

Tashar ɗaki biyu ce da fili mai shinge. A tsakiyar filin akwai farin akwati mai ƙafafu, cikinsa ma'aunin zafi guda biyu a jere, ɗaya busasshe, ɗaya an naɗe masa kai da jiƙaƙƙen ƙyalle. Gefe kuma ma'aunin ruwan sama ne: gwangwanin tagulla, mazurari a bakinsa, kwalba a cikinsa. Kullum ƙarfe bakwai na safe za ta buɗe, ta juye abin da ta tarar a gilashin awo, ta rubuta a rajista. Wata biyar ke nan tana rubuta sifili. Takardar tabbatar da ita a aiki kuwa tana kan teburin Shugaban tashar, ƙarƙashin kofin shayinsa, tana jiran sa hannu.

Ranar Litinin Shugaba ya je gidan rediyo, ya gyara murya, ya sanar da jama'a cewa Laraba ruwan farko zai sauka. Bai tambayi kowa ba. Ya dai kalli gabas ya ga alama, kuma ya daɗe bai ji muryarsa a rediyo ba.

Laraba da la'asar hadari ya haɗu kamar an aike shi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashi ledoji ta kai su saman wayoyin lantarki, mata suka yi ta rige-rigen kwashe shanya. Daga gindin gajimaren ga zirin ruwa nan yana saukowa, toka-toka, kamar an ratayo gezar mayafi. Kowa ya gani. Ita ma ta gani, amma kafin ta ɗaga kai ta riga ta leƙa farin akwatin. Busasshen ma'auni yana kan digiri talatin da tara, jiƙaƙƙen yana kan ashirin da ɗaya. Ƙyallen nan yana bushewa da sauri har yana sanyaya ma'auninsa haka, wato iskar ƙasa ƙishirwa take ji ba ta wasa ba. Ta tsaya tana kallon gezar tana sirancewa, tana sirancewa, har ta ɓace a rabin hanya. Ko ɗigo bai taɓa kwanon rufin tashar ba.

Da ta koma gida Inna na tsaye a tsakar gida, an jera mata bokiti uku da baho a ƙarƙashin indararo.

"To 'Yar Sama, ina ruwan naku?"

"Iska ta shanye, Inna."

"Iska? Har da ita a masu cin kayan gwamnati?"

'Yar Sama ta yi dariya ta ɗaga murfin tukunyar da ke kan wuta, ruwan da ya taru a cikinsa ya gangaro. "Kin ga wannan? Haka abin yake. Rana ta dafa teku da koguna da jiƙaƙƙiyar ƙasa, tururi ya tashi, ba ma a ganinsa. Iska mai ɗumi ta ɗauke shi sama, can kuwa sanyi ne. In ya huce sai ya koma ruwa, ya manne a jikin 'yan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da gishirin da ke yawo a iska. Shi ne gajimare. Amma ɗigon ƙanana ne ƙwarai, sai kamar miliyan sun haɗu kafin a samu ɗigo ɗaya mai nauyin faɗowa."

"To na yau ba su haɗu ba ne? Faɗa suke yi?"

"Sun haɗu, har sun taso. Gindin gajimaren ne ya yi nisa da ƙasa, iskar da ke tsakani kuma busasshiya ce. Kafin su iso sun koma tururi."

"Amma baƙin nan da ya yi fa?"

"Kauri ne, ya tare rana. Inuwarsa kike gani."

Inna ta kife bokiti ɗaya. "Allah ya kyauta. Ni da na ga baƙi na ɗauka da gaske yake."

Washegari ƙarfe bakwai saura 'Yar Sama ta isa tasha. Shugaba ya riga ta zuwa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya kira ta ofis, har da nuna mata kujera.

"'Yata, jiya ruwa ya sauko ko bai sauko ba?"

"Ya sauko, ranka ya daɗe."

"Madalla."

"Bai dai iso ba."

"Wannan kuma tsakaninsa da hanya ne. Ni cewa na yi zai sauka, ya kuwa sauka, gari duka shaida ne. Hedikwata za su kira ƙarfe tara. Ki duba ma'aunin nan da kyau, da idon basira." Ya ɗaga kofin shayi daga kan takardarta, ya kalli zoben da kofin ya bari a kai, ya mayar.

A bakin ƙofa ta ci karo da Baba, tsohon ma'aikacin da suke karɓa-karɓa da shi, saura masa wata bakwai ya yi ritaya. Ya ji komai, don bangon tashar ba ya riƙe sirri.

"Ke yarinya, kada ki ɗauki abin da zafi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun ba a haife ki ba ake samun ruwan buta a tashar nan. Milimita biyu, uku, wa zai mutu?"

"Baba, da rajistar nan ake gaya wa manoma su fitar da iri."

"Manomi da ƙafarsa yake taka ƙasa, ba da rajista ba."

"To me ya sa muke rubutawa?"

Baba ya sosa ƙeya. "Wannan tambayar ban taɓa yi ba, shi ya sa na kai shekara talatin da huɗu."

Ta fita fili. Ƙasa a bushe, har sawun takalmi na nan sabo a kan ƙura, ya je wajen ma'aunin ya dawo. Ta cire mazurarin, ta ɗago kwalbar. Ruwa ne a ciki. Ta juye a gilashin awo: milimita biyar cif, ba ɗigo sama ba ɗigo ƙasa. Ruwan da ɗan ɗumi. A samansa ganyen shayi ƙwaya ɗaya yana juyawa a hankali.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta tuna watannin da ta yi tana zuwa da ƙafa in motar haya ta ƙi tsayawa, ta tuna Kawu da kazarsa. Abin da ya fi ci mata rai ba ƙaryar ba ce, rainin ne. Mutum zai yi maka ruwan sama, ya kasa ko ɗauraye kofi.

Ta koma ta buɗe rajista. A gurbin ruwa ta rubuta 0.0. A gurbin ƙarin bayani, inda aka saba rubuta "tsawa daga nesa" ko "hazo", ta rubuta da kyakkyawan rubutunta na makaranta: "Jiya da la'asar an ga zirin ruwa daga gajimare, bai kai ƙasa ba. Yau an tarar da milimita 5.0 a kwalba, da ɗumi, da ganyen shayi ɗaya. Babu irin gajimaren da ke kawo wannan." Ta sa hannu.

Shugaba ya karanta sau biyu. Rajistar tana da lamba a kowane shafi, ba a yage ta, kuma ƙarshen wata ake aika kwafinta hedikwata.

"Ke kin fi kowa ilimi ko?"

"A'a, ranka ya daɗe. Abin da na gani aka ce in rubuta."

"Da kyau. Tunda sifili kike so, zan kai ki inda za ki ƙoshi da shi."

Bai yi ƙarya ba wannan karon. Cikin mako guda takarda ta fito: an ƙara mata shekara ɗaya ta gwaji, an kuma mayar da ita wata ƙaramar tasha a bayan duwatsu, tafiyar yini guda. Ta san wurin a taswira. Iska mai laima tana hawa dutsen ta wancan gefe, ta huce, ta zubar da ruwanta duka a can, sannan ta gangaro musu a bushe da zafi. Inna ta yi kuka. Kawu ya ce ai ci gaba ne, can ko ɗaga kan ma an hutar da ita. Ita dai ta wanke kayanta ta goge, ta ci gaba da zuwa aiki ƙarfe bakwai saura, tana gaida Shugaba har ƙasa, gaisuwar da ta fi zagi ciwo.

Ana gobe za ta tafi, iska ta juya. Tun safe jiki ke daƙo, gumi ya ƙi bushewa. A farin akwatin ma'aunan biyu sun matso kusa da juna, tazarar digiri huɗu kacal. Da hantsi ƙananan gizagizai suka fito fari tas kamar auduga, irin waɗanda kullum suke narkewa kafin azahar don ba su da tsayin da ɗigonsu zai yi girma. Yau ba su narke ba. Ɗaya ya yi ta tashi, gindinsa ƙasa-ƙasa, kansa yana tafasa yana hawa, har can ƙololuwa ya baje ya yi laushi kamar gashin da aka taje.

"Baba, zo ka ga. Kansa ya zama ƙanƙara."

Baba ya fito yana kare ido da hannu. "Wannan kam ba buta ba ce."

A cikin irin wannan hasumiyar gajimare iska na cilla ɗigo sama, manya na cin karo da ƙanana suna haɗiye su, ƙanƙarar sama na jan laima tana ƙiba, har nauyi ya fi ƙarfin iskar. Sai ta faɗo ta narke a hanya, hanyar kuma yau gajera ce, jiƙaƙƙiya. Ƙarfe huɗu aka tsuge. Kwanon tashar ya yi ta ƙara har ba a jin magana.

Shugaba ya fito baranda, ya buɗe hannuwa kamar shi ya yi odar. "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba? Laraba na ce!"

Larabar ce kuwa, ta mako biyu gaba. Kafin magariba yana rediyo ana yi masa barka.

Da safe ta zo da jakarta, motar ƙarfe takwas za ta bi. Fili ya yi caɓi, takalminta na nutsewa. Ta juye kwalbar a gilashin awo sau huɗu kafin ta ƙare, ta tsuguna ta daidaita idonta da layin ruwan kowane karo. Shugaba na tsaye bayanta ya naɗe ƙafar wando, fuskarsa fal fara'a.

"Nawa muka samu?"

"Talatin da huɗu da ɗigo shida."

"Sa talatin da biyar. Ya fi daɗin faɗa."

Ta rubuta 34.6, ta sa hannu, ta miƙa wa Baba makullin akwatin da biro. Sannan ta ɗauki jakarta ta bi gefen shinge inda ƙasa ta fi tauri, don kada ta shiga mota da laka.