Mutum Uku a Jabal Markhiyat

Mutum uku kawai za a ɗauka. Haka shawish ya faɗa, wato sajan ɗinmu, yana nuna dutsen Markhiyat da bulalarsa. Ukun da suka riga kowa taɓa tutar da ke saman Markhiyat za su shiga ƙungiyar 'yan gudu ta rundunar, su ƙare hidimarsu a Omdurman. Sauran kuwa, ranar Alhamis mota za ta kwashe su sai Kudu, fagen yaƙi.

Mu arba'in da biyu ne, duk kamen hidima, wato aikin soja na dole. Ni a tashar Shuhada aka sauko da ni daga mota. Yayana ma haka aka yi masa a shekarar casa'in da biyar, har yau babu ko takalminsa. Ni kaɗai na rage wa Inna a unguwar Alsawra, nan Omdurman. Wallahi tsoro nake ji.

Kusa da ni Dauda ne, ɗan unguwar Kalakla, shi kaɗai nake Hausa da shi a sansanin. A fili ya fi ni gudu, nesa ba kusa ba.

Na ce masa, "Ka saurare ni. Kawuna Dogo ya yi shekara goma yana horo a duwatsun nan. Ya ce kada ka auna hawa da sauri, auna shi da numfashi. In ka kasa faɗin kalma huɗu a jere, ka wuce gona da iri. Inda dutsen ya miƙe tsaye, ka bar gudu ka taka da ƙafa."

"Tafiya?" in ji Dauda. "A gaban shawish? Ya zol, inta majnun? Ka haukace ne?"

Aka busa usur.

Rairayin farko na bi shi da gudu, ina tsakiyar mutane. Da ƙasa ta fara tashi sai na rage faɗin taku, ƙanana ƙanana, ina gwada kaina da "Inna, ga ni nan." Ya fita daidai. Can inda tsakuwa ta fara zamewa ƙarƙashin takalmi na sake gwadawa, ya tsaya a "Inna, ga". Ƙafafuna ba su gaji ba tukuna, abin da ya sa shawarar ta yi wuya ke nan. Mutum goma sha ɗaya na gabana. Zuciyata na cewa, kai wawa, mutuwa ce a bayanka, ka yi gudu!

Na daina gudu. Na sunkuya daga ƙugu, na dafa cinyoyina sama da gwiwa, ina danna kowace ƙafa da hannu kamar mai kwaɓa ƙasar bulo.

"Ijri! Ijri, ya jaban!" Shawish ke ihu daga ƙasa, wai in yi gudu, matsoraci. To, ka ci kanka. Ba uwarka ce ke zaune ita kaɗai ba.

Na ɗaga kai. Masu gudun nan tsalle kawai suke a wuri guda, tazararmu da ƙyar take ƙaruwa, su kuwa numfashinsu kamar na jakin da aka yi wa lodi. Ba a jima ba suka fara tsayawa. Wanda ya ƙone kansa a hawa ba ya komawa tafiya mai ƙarfi, tsayawa yake cak, baki buɗe. Na wuce ɗaya yana amai. Na wuce biyu a zaune. Ban kalli fuskar kowa ba, ƙirga su kawai nake.

Kusa da sama dutsen ya ɗan kwanta. Nan ma akwai tarko, don jiki ya ji daɗin tafiya ba ya son sakinta. Na gwada kalmomina, suka fita duka huɗu. Na ɗauke hannu daga cinya na koma gudu.

Biyu sun riga sun kai tutar. Saura ɗaya tsakanina da ita, yana tangaɗi, ƙafafunsa na harɗewa. Dauda ne. Ya gudu dutsen nan tun daga gindinsa, bai koma tafiya ko sau ɗaya ba, kuma babu abin da ya rage a jikinsa.

Ya ji takuna, ya waiwayo.

"Muntari," ya ce. "Don Allah."

Na ji shi sarai. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Na ratsa ta damansa na taɓa tutar, shi kuma ya iso da rarrafe.

Ranar Alhamis bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Takarda ya miƙo mini ta gefen motar, ya ce in kai wa matarsa Fatna.

Na kai ranar Juma'a. Ta fito bakin ƙofa da tsohon ciki, ta karanta a tsaye, ta ninke.

"Ya ce tsere aka yi," in ji ta. "Na nawa ya zo?"

"Na huɗu."

"Kash! Saura ƙiris." Ta share ido da bakin mayafinta. "To, ɗan'uwa, wa ya zo na uku?"