Moton Yaya Tahiru

Yayana Tahiru ya ce tun da aka haife shi bai taɓa cin bashi ba. Da ya nemi rancen buɗe shago a unguwar Kara-Kara, banki ya duba rahoton bashinsa, ya ga makinsa ƙasa, ya hana shi. Ashe bashin wani takwaransa na garin Dogo aka liƙa masa.

Ni na raka shi kai ƙorafi, ina ta rantse wa mutane cewa ba a binsa bashi. Ofishin rahoton ya tuntuɓi asusun ba da rancen da ya aiko bayanin, aka goge kuskuren.

Muka koma banki yana ta baza faransanci.

Ma'aikaciyar bankin ta ce, "An goge wancan, Mushe Tahiru. Saura bashin moto, har yau ba ka biya ba."

Na kasa ɗaga kai. A kan moton, babur ɗin nan nasa, muka zo.