Ranar da Saƙon Awo Ya Daina Fita

Kwana goma sha ɗaya saƙon bai fita ba, kuma ba wanda ya lura. A wani ƙaramin asibitin haihuwa a Illela akwai kwamfuta da ke tura wa masu ciki saƙon waya kullum ƙarfe bakwai na safe, tana tuna musu ranar awo. Lubabatu ce ta rubuta manhajar, ɗiyar wani malami a garin, wadda ta tafi Sakkwato karatun kwamfuta, mata suna ta taɓe baki.

Ungozoma Sadiya ce ta kira ta da hantsi. Ta ce bencin awo wayam, kuma Mu'minat ta ƙauyen Kalmalo, mai cikin wata takwas da hawan jini, ta tsallake ranarta. Lubabatu ta nufi wurin kwamfutar.

Ta fara da agogon kwamfutar, ko ɗauke wuta ya rikita shi. Daidai yake. Ta buɗe jadawalin kuron, wato mai tayar da aiki a kan lokaci, layin ƙarfe bakwai na nan. Rajistar da na'urar ke rubuta abin da ta yi ma ta nuna kullum ana kiran aikin. Sai dai a ƙasa an ce akwai bayanin da ya fito, ba a samu inda za a aika shi ba, an zubar. Ita ce ba ta tanadi wurin ba, wannan kam ta haɗiye shi shiru.

Ta tayar da aikin da hannu, da sunan da manhajar ke aiki da shi. An hana izini. Da ta duba fayil ɗin manhajar, an canja shi kwana goma sha ɗaya da suka wuce, ya rasa izinin gudana.

Mutum ɗaya ta ba kalmar sirri, Maharazu mai ba da kati. Da ta tambaye shi, ya yi ta sosa ƙeya kafin ya faɗa. Wai surukarsa ce ta ji saƙon a wayar matarsa, ta ce ba sallama, kuma Kananci ne tsantsa. Shi ne ya kwashe fayil ɗin, ya gyara a kwamfutarsa ta gida, ya goge tsohon ya ɗora sabon.

"Sallama kawai niƙ ƙara, Malama. Mi ab ba daidai ba?"

"Sallamarka ba ta kai ga kowa ba," in ji ta.

Da layin umarni ɗaya ta mayar da izinin. Ta sa kuskure ya riƙa zuwa wayarta, ta tura saƙon mata arba'in da uku. Lambar Mu'minat kuwa da kanta ta kira.

Mijin ne ya ɗauka. Ya ce jijjiga ta kama ta jiya, suna babban asibiti, ta farfaɗo.

"Jaririn fa?"

"Likita bai ce komi ba tukuna."

Lubabatu ta ɗauki mayafinta, ta tambaye shi wane ɗaki suke.