Ƙyauren Gidan Mai Fito

Duk wanda ya taɓa kawo rediyo gyara shagon Mai Rediyo ya san ƙauyensu, ko da bai tambaya ba. Kafin ya kwance murfin baya ya riga ya kai ka bakin kogi, kafin ya ɗora ƙarfen walda ya nuna maka tsamiyar ƙofar gidansu da kwalekwalen mahaifinsa, wanda aikinsa fito ne, wato ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. 'Ya'yansa sun haddace labarin, har idan ya ce "a garinmu" sai su ƙarasa masa. Amma babu wanda ya taɓa ganin garin a cikinsu, don tun yana yaro aka gina madatsar ruwa, ruwa ya shanye ƙauyen. Aka kwashe mutanen zuwa tudu, shi kuwa mahaifinsa ya yi fushi ya ce mai fito ba ya zaman tudu, ya tattara iyalinsa ya shigo birni. Mahaifin bai sake komawa ba har ya rasu.

Yaran maza duk sana'ar hannu suka bi, ba wanda ya taɓa tambayarsu daga ina suke. Auta ce ta jawo maganar. Ta ci jarrabawar makarantar koyon jinya, aka ba ta gurbi da sharaɗin ta kawo takardar shaidar asali kafin a rufe rajista a ƙarshen mako, in ba haka ba a bai wa na bayanta. A fom ɗin makarantar ta rubuta birnin da aka haife ta, ma'aikaciyar rajista ta soke da jan biro, ta ce ba inda aka haife ta ake tambaya ba, asalin mahaifinta ake so: ƙauye, gunduma, ƙaramar hukuma da jiha.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Mai Rediyo. Ya jawo gwangwanin da yake ajiye takardu, ya zaro tasa takardar asalin da ya karɓa yana saurayi. Ta yi rawaya, ta tsattsage a wurin ninki, kuma sunan jihar da ke samanta ma ya daina aiki, don an raba ta tun da daɗewa. Shi duk wannan bai dame shi ba. Sunan ƙauyensu na nan a rubuce, kuma a ganinsa magana ta ƙare.

Washegari suka hau mota shi da Auta, hotunan fasfonta a cikin ambulan. Ofishin hakimin da ke kan tsohuwar takardar suka fara zuwa. Magatakardan ya duba ta gaba da baya, ya buɗe jerin ƙauyukan gundumar ya bi da yatsa har ƙasa.

"Baba, babu wannan garin a wurinmu."

"Ka sake dubawa, yaro. A nan aka buga mini wannan hatimin."

"Na yarda. Amma garin yana ƙarƙashin ruwa, mutanensa kuma a hayin can aka zaunar da su. Da aka ja iyaka sai suka faɗa wata gundumar, wata jihar ma. Ku je sakatariyar ƙaramar hukumar can ku karɓi fom, ku kai wa dagacinsu."

Mai Rediyo ya ji haushi ƙwarai. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane jiharsa, ashe an ɗauke shi an kai wata ba a ko yi masa sallama ba. A mota ya yi ta mita, Auta kuwa kwanakin da suka rage mata take tunani.

A sakatariyar suka biya kuɗin fom aka ba su rasit. Ma'aikacin ya nuna musu da bakin biro: nan mahaifi zai cike ya sa hannu, nan dagaci, nan hakimi, sannan a dawo da shi a fitar da takarda. Rana ta fara karkata lokacin da suka isa sabon ƙauyen.

Mai Rediyo bai so wurin ba tun daga nesa. Gidaje a jere kamar ajujuwan makaranta, rufin kwano duk iri ɗaya, babu kogi, babu ko babbar inuwa. Dagacin kuma bai kai babban ɗan Mai Rediyo shekaru ba, a nan tudun aka haife shi. Ya karɓe su da mutunci a zaurensa, aka kawo ruwa, ya tambayi ɗan gidan wa ne. Mai Rediyo ya faɗi cikakken sunan mahaifinsa da na kakansa. Dagacin ya dubi dattawan da ke gefensa, suka dubi juna.

"Kada ranka ya ɓaci, Baba," in ji dagacin. "Mutane da yawa na zuwa su ce su 'yan tsohon gari ne, don sun san babu bangon da za a je a duba. Idan na sa hannu aka gano ba haka ba ne, ni za a kira. Sai wani ya shaide ka."

Mai Rediyo ya fara zayyana garin, tsamiya da mashaya da kasuwar bakin ruwa, yana yi yana nuni da hannu. Suka saurara cikin ladabi, amma ya lura labarin da suka saba ji ne, kowa na iya haddacewa. Da ya ga Auta ta sunkuyar da kai, sai muryarsa ta yi ƙasa.

"A kira Iya," in ji wani dattijo. "Idan ba ta san shi ba, to ba wanda ya san shi."

Tsohuwar ta shigo tana dogara sanda, ƙanƙanuwa, idonta ɗaya ya yi fari. Aka maimaita mata sunan, ta ce ba ta taɓa jin sa ba.

"Me uban naka yake yi?"

"Fito, Iya."

"To ka ce Mai Fito mana. Wa ya taɓa kiransa da wancan sunan? Matso nan."

Ya durƙusa a gabanta. Ta laluba goshinsa da yatsu har ta sami tabon da ke saman girarsa ta hagu, sai ta yi dariya, baki duk babu haƙori.

"Sarkin Kuka ne. Filafilin tuƙin kwalekwalen ubansa ne ya fasa masa nan, ni na danne shi aka ɗaure. Tun daga nan har aka yi girbi ba mu huta da ihunsa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Ina uwarka?"

"Ta rasu, Iya. Da daɗewa."

"Allah ya jiƙanta. Ta tafi da ludayina ba ta dawo da shi ba."

Zauren ya ɗauki dariya, har Auta, wadda ba ta taɓa jin an kira babanta Sarkin Kuka ba. Shi kuwa ƙwalla ce ta cika masa ido. Rabonsa da ya ji wani ya ambaci mahaifiyarsa kamar jiya suka rabu, har ya manta.

Dagacin ya ɗauko hatiminsa ya ce a cike fom. Mai Rediyo ya sa tabarau, ya kai biro kan layin ƙauye zai rubuta sunan da yake rubutawa tun yana makarantar firamare, sai dagacin ya tare shi.

"Ba wannan ba, Baba. Sunan nan garin za ka sa. Idan ka rubuta tsohon, sakatariya za su dawo da shi, babu shi a jerinsu."

Biron ya tsaya. Ya karanta layin da ke ƙasa, inda mahaifi ke tabbatar da cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Mai Rediyo mutum ne da in ya sa wa rediyonka tsohon kaya sai ya gaya maka tsoho ne.

"Ranka ya daɗe, yaya zan sa hannu a kan cewa ni ɗan garin nan ne? Ban taɓa ko kwana a cikinsa ba. Ba ni da ko bango ɗaya a nan."

"Baba," in ji Auta a hankali. Ya san abin da take nufi.

"Wa ya ce maka ba ka da bango?" Iya ta buga sandarta a ƙasa. "Tashi mu je. Ke ma taho, jikata."

Ta kai su bayan gidanta, inda wani ɗaki yake tsaye shi kaɗai a cikin fili, awaki kwance a gindinsa. Ta ce lokacin da aka raba matsugunin, kowane magidanci an ba shi ɗaki da fili, har da Mai Fito, shi ne dai ya ƙi zuwa ya karɓa. Aka bar mata tana zuba harawa a ciki.

"Ranar tashi kowa ya ɓalle ƙyaurensa ya ɗora a mota, don ɗakunan nan babu ƙofofi aka ba mu su. Ubanka ya tafi ya bar nasa. Mai gidana ya ce ba zai bar wa ruwa katako mai kyau ba, ya ɗauko ya kafa shi a nan."

Mai Rediyo ya tsaya. Ƙyauren ya yi baƙi, ƙasansa ya ɗan ci, amma shi ne. Daga katakon wani tsohon kwalekwale mahaifinsa ya sassaƙa shi, ga ma ramukan ƙusoshi a jere. Ga zoben ƙarfen da yake miƙa hannu bai kai ba sai ya yi ɗage. Yanzu zoben a daidai cibiyarsa yake. Ya tura, ƙyauren ya yi irin kukan da yake yi duk lokacin da mahaifinsa ya dawo daga kogi da ƙafafu a jiƙe. Duk shekarun nan yana bai wa mutane labarin garinsu, bai taɓa tuna wannan kukan ba.

Ya daɗe a tsaye da hannu a kan zoben. Sannan ya ce wa Auta ta miƙo fom. Ya ɗora takardar a jikin ƙyauren, ya rubuta sunan sabon ƙauyen, da gundumar da jihar da bai saba da su ba, ya sa hannu a ƙasa. Rubutun ya ɗan karkace saboda ramukan ƙusa.

Dagacin ya buga hatimi ya sa hannu. Ya ce ofishin hakimi ya riga ya tashi, amma gobe da safe zai haɗa su da wanda zai raka su, daga can su wuce sakatariya, kafin azahar takardar Auta na hannunta. Ya rage murya ya ƙara da cewa a kawo sauran yaran da jikoki su ma su yi tasu tun Iya na da rai. Sannan ya ce za a gyara musu ɗakin baƙi a gidansa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Auta ta kwana wurin Iya. Ni ina da ɗaki."

Ya naɗe hannun riga ya fara fitar da harawar, awakin na bin sa suna fizga. Iya ta zauna a kan turmi tana kallonsa da idonta mai gani.

"Jikata, ɗauko wa ubanki tsintsiya a bayan ƙofata," ta ce. "Amma ki gaya masa a dawo mini da ita. Na san halin mutanen gidan nan."