Kashi Casa'in da Bakwai

Ni 'yar Zoza ce, a cikin gyaɗa na girma. Kafin in iya rubuta sunana na iya tsinkar gyaɗa a jikin harawa, na iya gane wadda ta sha damshi tun daga warinta. Saboda haka ranar da Bahauddeen ya ajiye mini furojet ɗinsa mai shafi arba'in da biyu a kan yadda manoman Zoza ke adana gyaɗa, ban kai ƙarshen babi na biyu ba raina ya ɓaci.

Ina koyar da darasin noma a wata cibiyar karatun ƙarshen mako da ke Karaye, inda malaman firamare ke zuwa ƙaro ilimi Asabar da Lahadi. Daga Rogo nake hawo acaɓa duk sati, shekara tara ke nan. Bahauddeen malamin aji huɗu ne a Yola ta nan Karaye, mutum mai ladabi, ba shi da hayaniya, amma Turancinsa sai a hankali. Babinsa na farko na san nasa ne, don sai da jan birona ya kusa ƙarewa a kai. Daga babi na biyu kuwa Turanci ya miƙe sumul, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ya ce ya zanta da manoma ashirin, amma babu sunan ko mutum guda. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a shafi arba'in da biyu ko sau ɗaya ba a ambaci harawa ba. Wane manomin Zoza ne za ka zauna da shi minti biyar a kan gyaɗa bai kawo maka maganar harawar da zai ciyar da tumakinsa da rani ba?

Na ce masa, “Malam Bahauddeen, wannan ba kai ka rubuta ba. Manhajar nan ta waya mai rubuta wa mutum abin da ya tambaya, ita ta rubuta. Ba zan sa hannu ba.”

Bai yi musu da ni ba. Ofis ya wuce. A can akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka sa wa manhajar gano rubutun na'ura shekara uku da suka wuce, kuma dokar cibiya ita ce duk furojet sai ya bi ta cikinta. Ya sa nasa, firinta ta fito masa da takarda: kashi casa'in da bakwai cikin ɗari rubutun mutum ne. Ya haɗa takardar da ƙorafi cewa na yi masa ƙazafi a gaban 'yan ajinsu.

Kodinetanmu, Malam Abdulmumini, mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya fito daga firinta gaskiya ne a wurinsa, ko da sunansa aka rubuta ba daidai ba. Ya kira ni ya miƙo mini takardar tuhuma haɗe da kwafin takardar firintar.

“Malama Nuriyya, ba na jin daɗin wannan,” in ji shi. “Amma na'ura ta wanke shi. Kwamiti zai zauna Asabar mai zuwa. In ba ki da hujja, za a karɓe ɗaliban furojet daga hannunki, takardar kuma ta shiga fayil ɗinki.”

“Ranka ya daɗe, na'urar ta taɓa zuwa Zoza?”

“Ki bar zancen wasa, Malama.”

Ba wasa nake ba. Na fito cike da haushi da tsoro. Shekara tara ba a taɓa kama ni da cutar ɗalibi ba, yanzu za a rubuta cewa ni mai ƙazafi ce. Kuma can ƙasan zuciyata wani abu yana ce mini, in fa ke ce kika yi kuskure?

A bakin ƙofa na haɗu da Hidaya, mai koyar da kwamfuta, ƙanwar ƙawata ce tun muna sakandare. Ta karanta takardun biyu, ta taɓe baki.

“Yaya Nuriyya, tun bara nake cewa abin nan ya tsufa, ba wanda ya saurare ni. Ki bar ni da su ranar Asabar. Amma ki sani, ba zan iya cewa Bahauddeen ya yi ko bai yi ba. Abin da zan iya nunawa kawai shi ne takardar nan ba shaida ba ce.”

Na so ta ce mini fiye da haka. Satin nan ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a ajin da ke kusa da ofis. Malam Abdulmumini a tsakiya, malamai biyu a gefensa, Bahauddeen can a benci da takardarsa a ninke cikin aljihun gaba. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiyar hanya, Hidaya ta nemi izini ta ɗauko kwamfutar ofis ta ajiye a kan tebur.

Ta zo da rubuce-rubuce kashi uku, goma-goma. Na farko tsofaffi ne, waɗanda aka sa manhajar rubutu ta wancan lokacin ta rubuta ranar da aka kawo mai ganowar don a gwada ta, suna nan a ajiye cikin kwamfutar. Ta sa su ɗaya bayan ɗaya. Tara aka kama, aka ce rubutun na'ura ne.

Malam Abdulmumini ya gyara zama. “To kin gani. Tana aiki.”

“Tana aiki a kan waɗanda ta sani, ranka ya daɗe. Yanzu ku ba ni batu goma, duk wanda kuka ga dama.”

Suka ba ta: zaizayar ƙasa, tarbiyyar yara, kiwon kaji, da sauransu. A gabansu ta buɗe sabon samfurin manhajar rubutu a wayarta, ta sa ta rubuta kowanne. Sabis ya yi ta wahalar da mu, sai da ta riƙa miƙa wayar ta taga. Da suka cika goma ta zuba su a kwamfutar. Biyu kawai aka kama. Sauran takwas an ce mutum ne ya rubuta, na kiwon kaji ma har kashi casa'in da tara aka ba shi, ya fi na Bahauddeen.

Malam Abdulmumini ya matso ya leƙa kwamfutar.

“Ta lalace ke nan?” in ji Malam Abdulmumini.

“Ba ta lalace ba, tana nan yadda aka kawo ta, matsalar ke nan,” in ji Hidaya. “Ita ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. Masu yin ta sun tara dubban rubutun mutane da dubban rubutun na'urorin wancan lokacin, suka horar da ita ta bambance su. Sai ta koyi ɗabi'un waɗancan na'urorin: kalmomin da suka fi so, yadda jimlolinsu ke zuwa kusan tsawo ɗaya, yadda kusan kullum suke zaɓar kalmar da aka fi tsammani. Duk rubutun da aka ba ta, waɗannan alamomin take nema. To sababbin samfura an horar da su da wasu rubuce-rubucen, an kuma gyara musu salo, da yawa daga alamomin nan sun bar su. In ta duba ba ta ga abin da ta sani ba, sai ta ce mutum ne. Kamar maigadi ne da aka nuna wa hoton ɓarawo shekara uku da suka wuce, yau ƙanin ɓarawon ya zo, ya buɗe masa ƙofa har da sannu da zuwa.”

Ɗaya daga cikin malaman ya tambaya, “To mene ne maganin?”

“Sai an tara rubutun sababbin an sake horar da ita, kuma duk lokacin da wani sabo ya fito a sake. Tamu tun da aka sa ta ba a taɓa ba. Kowane sabon samfuri ya fito, abin da take iya kamawa raguwa yake.”

Saura kashi na uku, rubutun mutane zalla. Tara daga takardun jarrabawa ta kwafe su, na goma kuwa takardar tuhumar da Malam Abdulmumini ya rubuta mini ce da hannunsa. Taran suka wuce lafiya. Takardarsa aka ce kashi tamanin rubutun na'ura ce, don cike take da jimlolin ofis da kowa ya haddace. Malaman nan biyu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni ban danne ba, Allah ya yafe mini.

Malam Abdulmumini ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya duba kwafin takardar Bahauddeen da ke gabansa, sannan ya ture shi gefe.

“Mu koma yadda muka saba tun kafin kwamfuta,” in ji shi. “Malam Bahauddeen, manoma ashirin ka ce. Faɗa mana sunan biyar.”

Ya faɗi uku ba tare da tsayawa ba. Na uku Baba Liti ne, ƙanin mahaifina. Daga nan ya tsaya. Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, duk ya yi laushi don riƙo, ya ajiye a gabana.

“Malama, ki yafe mini. Uku na je wa, ga abin da suka faɗa, da Hausa na rubuta. Da na ga jan biro a babin farko sai na ji kunyar Turancina, na ba wayar ta rubuta sauran. Da kwamfutar ofis ta wanke ni kuma sai na rasa yadda zan janye.”

Na buɗe littafin. A shafi na biyu, da rubutunsa mai karkata, ga Baba Liti yana cewa shi in an ba shi zaɓi tsakanin buhun gyaɗa da ɗaurin harawa a watan bazara, sai ya yi tunani tukuna. Haushin da na kwana bakwai ina dakonsa ya sauka, har na ji tausayinsa.

Kwamiti ya so a dakatar da shi zango guda. Na roƙa a ba shi wata biyu ya sake aikin a hannuna, aka amince bayan an yi masa faɗa sosai. Malam Abdulmumini ya karɓi takardar tuhumar ya yaga ta gida huɗu a gabana, ya ce, “Malama Nuriyya, na zalunce ki, ki yi haƙuri.” Aka kuma rubuta cewa daga ranar duk ɗalibi zai kare furojet ɗinsa da baki, kuma sakamakon kwamfutar ba zai wanke kowa ba, ba zai kama kowa ba. A kan acaɓa zuwa Rogo na yi ta hamdala a fili, har mai babur ya waiwayo ya tambaye ni ko haihuwa aka yi.

Bayan sati bakwai Bahauddeen ya kawo sabon furojet. Shafi ashirin da shida ne, manoma goma sha ɗaya da sunayensu da unguwanninsu, harawa kuma ta samu babi sukutum nata. Turancin yana nan yadda na san shi, sai da na sayi sabon jan biro. Na gyara abin da zan gyara, na buɗe shafin farko na sa hannu.