Tuwon Acca na Maman Nmachi

Na gaji tun kafin a fito daga coci. Ranar auren ɗana Pam ce da Nmachi, 'yar Inyamurai masu shagon fenti a Bukuru, amma ni hankalina yana kan Litinin, ranar da za a yi min aiki a asibiti. Sau biyu ana ɗaga min aikin yanar ido saboda sugana ya ƙi sauka. Likita ya ce in ya sake hawa, sai wata shekara.

A wurin liyafa kowa ya zama likitana. Wata ta janye min shinkafa, wata ta turo min lemon malt wai yana ƙara jini, alhali suga ne fal a ciki. Na karya da safe, na sha maganina, don haka ba yunwa ce ta kawo ni ba. Na nemi ruwa kawai.

Sai ga Ngozika, uwar amarya, rungume da wata ƙatuwar kula. Mijinta Linus yana gefe cikin baƙin tabarau. Ɗazu a coci amarya ce ta riƙe masa hannu, ba shi ya riƙe nata ba.

"Maman Pam, na ji kana da suga," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Ni da kaina na tuƙa. Acca ne, magani. Ci duka!"

Malmala uku, kowace kamar kan jariri. Dangin amarya suka zuba min ido. In na ture, na ture surukai a ranar farko. In na cinye, wataƙila na ture Litinin. Wallahi ji na yi kamar in kwanta a ƙarƙashin tebur.

Na yanki daidai dunƙulen hannuna, na cika rabin faranti da miyar ganyen ugu, na sa kifi a gefe.

Fuskarta ta canja. "Bai yi daɗi ba?"

"Ya yi daɗi, Maman Nmachi. Amma acca hatsi ce, ba magani ba. Nas ta ce ko ita in ta yi yawa, takan zama suga a jini, kamar shinkafa. Ganye da yawa, kifi ko nama, tuwo kaɗan. Haka nake ci."

Na jira ta yi fushi. Ba ta yi ba. Ta zauna a kujerar kusa da ni, tana kallon inda Linus yake laluben malmala ta biyu, kwalbar malt a gefensa.

"Tun da aka ce yana da suga," ta ce a hankali, "safe da yamma nake cika masa kwano. In ya ce ya ƙoshi, faɗa nake yi."

Tausayinta ya kama ni fiye da na kaina.

Ta tashi ta je ta ɗauke kwalbar, ta janye kwanon. Linus ya ci gaba da shafa tebur.

"Ngozika," ya ce, "ina maganina?"