Gausu, Suna na Huɗu

Hajiya Shafa'atu Gausu ta haura saba'in, amma ranar sunan tattaɓa-kunnenta ita ta fara tashi a gidan. Tun kafin a buɗe kanofi a ƙofar gida ta ɗora tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, ta sa an tace koko, ta zauna a kujerarta ta roba tana ba da umarni. An raɗa wa jaririyar suna Farhana da sassafe, wanzami ya yi aski, an yanka rago. Abin da ya rage shi ne gardamar da aka kwashe mako ana yi: wane suna zai bi bayan Farhana.

A gidan nan kowa sunan ubansa yake ɗauka. Hajiya ta auri Alidu, ɗansu ya zama Sheriff Alidu. 'Ya'yan Sheriff suka zama Sadick Sheriff da Hikma Sheriff. Bisa wannan hanya jaririyar Farhana Sadick ce. Amma Sadick, uban jaririyar, ya ƙi. Ya taɓa zuwa neman biza aka tsare shi da tambaya, wai yaya shi Sheriff ne ubansa kuma Alidu. Ya rantse 'yarsa ba za ta sha wannan ba.

"Kaka, suna ɗaya za mu tsayar," in ji shi. "Sheriff. Ni Sheriff, ita Sheriff, 'ya'yan ƙannenta Sheriff. An gama."

"To Sheriff ne ya haife ta?" Hajiya ta tambaya, ta ci gaba da yanka albasa.

Ita kanta ba ta taɓa zama Shafa'atu Alidu ba. Aure bai raba ta da sunan ubanta ba, kuma yanzu a duk Zongon Kumasi ita kaɗai ke ɗauke da shi. Wanta Suraj ya tafi a shekarar 1969, lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Ubansu daga arewa mai nisa ya zo, ya rasu kafin nan. Ita tana amarya a gidan ɗan ƙasa, ta zauna. Suraj ya hau babbar mota da keken ɗinkinsa, labarin ƙarshe da aka ji wai an gan shi a Kano yana shirin tafiya Makka ta ƙasa. Da waya ta zo hannun kowa, Hikma ta sha neman mata "Gausu" a intanet, a Najeriya, a Chadi, a Sudan. Ba ta sami kowa ba.

Da hantsi Hikma ta sauko daga trotro, motar hayar gari, da baƙi biyu, abokan karatunta a jami'a. Ɗaya Baturiya ce doguwa mai suna Sigrun, daga wani tsibiri mai sanyi da ake kira Iceland. Ɗayan saurayi ne siriri mai yawan shiru, Yasin, daga Habasha. Aka shimfiɗa musu a tsakar gida kusa da Hajiya da maƙwabciyarta Maame Akosua, Ba'ashantiyar da suka shekara arba'in suna aron gishiri a wurin juna.

Sadick ya ga ya sami mai goya masa baya. Ya ce wa Baturiyar da Turanci ta gaya wa Kaka yadda ake yi a Turai, suna ɗaya ga dukan gida. Hikma ce ke fassara.

Sigrun ta yi dariya ta ce ya zaɓi wadda ba za ta taimake shi ba. "Babana Yon ne, babansa Einar, don haka shi Yon Einarsson ne, wato ɗan Einar. Ni Sigrun Yonsdottir, 'yar Yon. Ƙanena Yonsson, ɗan Yon. Mamata tana nan da sunan nata uban. Mu huɗu in za mu hau jirgi, sunan ƙarshe huɗu ne daban-daban." Ta ce a can ko shugaban ƙasa da sunansa na farko ake kiransa, kuma wanda ya so yana iya ɗaukar sunan uwarsa a maimakon na uba.

Hajiya ta ajiye wuƙa. "Tambaye ta, akwai Musulmi ne a kakanninsu?"

Babu, in ji Sigrun. Haka suka gada tun zamanin da. Maƙwabtansu ma haka suke yi a da, sai suka tsaida sunan a kan mutum ɗaya. Duk Baturen da ake ce wa Johnson, wani kakansa ne ɗan John, aka daskarar da sunan a nan har yau, ko da uban nasa Peter ne.

Abin ya ɗaure wa Hajiya kai. Ta daɗe tana ɗauka wannan hanya tasu ce da Larabawa, masu cewa wane bin wane, wance bintu wane. Ga shi mutanen da ruwansu ke zama dutse don sanyi, waɗanda ba su taɓa jin kiran salla ba, su ma sun zauna sun ga ya dace a kira ɗa da ubansa.

Maame Akosua ta ce da Hausarta ta Zongo, "Mu namu ba haka ba ne. Yaro ya zo da sunan ranar haihuwar shi. Na biyu, baban shi ya zaɓa, sunan mutum da ya ke girmamawa. Yara na uku, kowa da na shi. Dangi kuma ta wajen uwa ne. Makaranta ne ya kawo wannan suna ɗaya."

Hikma ta juya ga Yasin, wanda ke cin waakye a hankali. "Kai fa?"

Sai ya amsa da Hausa. Hausa ce mai nauyi, gauraye da Larabci, irin wadda Hajiya ta rabu da ji tun tana yarinya. Ya ce a Habasha, Kirista da Musulmi duk hanya ɗaya suke bi: sunanka, sai na ubanka, sai na kakanka. Babu sunan gida. Mace ba ta canza nata in ta yi aure. Duk haihuwa sai jerin ya matsa, sabo ya shigo gaba, na baya ya fita.

"Ina ka koyi Hausa, ɗan nan?" Hajiya ta tambaya.

"A wurin kakana, Hajiya. A garinmu Asosa, kusa da iyakar Sudan. Shi ya ce mini a Zongon Kumasi aka haife shi, shi ya sa na nemi karatu a nan." Ya sunkuyar da kai. "Na yi yawo Aboabo, na je Tafo, na je Krofrom, ina tambayar gidan Siraj. An kai ni gidaje da yawa. Babu namu."

Hajiya ta juyo gare shi. Ta dube shi sosai a karo na farko, goshinsa, yadda yake riƙe cokali da hagu.

"Faɗi sunanka duka."

"Yasin Khalid Siraj."

"Na ce duka."

"A fasfo uku ake rubutawa. Sauran a baki suke." Ya gyara zama kamar mai biya karatu. "Yasin ɗan Khalidu, ɗan Siraj, ɗan Gawsu, ɗan…"

"Muhammad-Awal," in ji Hajiya.

Yasin ya ajiye kwano. Hikma ta dafe baki.

"Tela ne?" Hajiya ta tambaya, muryarta a ƙasa.

"Tela ne. Da hagu yake yanka."

"Yana nan?"

"Allah ya yi masa rasuwa ina aji na ƙarshe a sakandare."

Ta yi salati, ta yi wa wanta addu'a, hawaye na zuba ba ta share ba. Sannan ta miƙa hannu ta kama wuyan hannun yaron, ta riƙe kamar za a ƙwace mata shi.

Hikma ce ta fara gano yadda aka yi, ta faɗa a hankali kamar tana yi wa kanta bayani. Ita tana neman Gausu, alhali Gausu ya fita daga takardun can tun haihuwar Yasin, ya zama na huɗu. Shi kuma yana neman gidan Suraj a garin da Suraj bai haifi kowa ba. Shekara guda suna zama a aji ɗaya, Hikma Sheriff da Yasin Khalid, babu suna ɗaya da ya haɗa su.

Sadick ya ce, "Kin gani ko, Kaka? Da suna ɗaya aka tsayar, da tuni an haɗu."

Hajiya ba ta musa ba. Ta ce, "Da an haɗu da wuri, gaskiya ne. Amma da ya ce mini Yasin Gausu, da sai na tambaye shi ta ina. Yanzu fa? Ya jero mini su ɗaya bayan ɗaya, kowa riƙe da hannun ubansa, tun daga Habasha har ɗakin da aka haife ni."

Tana faɗa tana jin girman abin yana saukar mata. Keken ɗinki ya ƙetare Chadi, ya ƙetare Sudan, mai shi bai kai Makka ba sai da ya tsufa, in ji Yasin, don ya tsaya ɗinki a bakin wani kogi ya yi aure. Ya rasa gida, ya rasa ƙasa, har lafazin sunansa ya sauya a bakin mutane. Amma ya zaunar da jikansa ya sa shi haddace sunaye biyar, kamar ya san wata rana za a tambaya.

Sigrun ta ce da Sadick akwai masu haɗa hanyoyin biyu. A Rasha mutum yana da sunan tsakiya da aka gina daga sunan ubansa, mai sauyawa duk haihuwa, sannan da sunan gida da ba ya motsi. Sadick ya juya abin a ransa. Daga baya ya ce to a rubuta Farhana Sadick Sheriff. Hajiya ta ce ya rubuta abin da ya ga dama, muddin yarinyar za ta iya jero sauran da bakinta.

Bayan azahar Yasin ya kira babansa ta bidiyo. Fuskar wani mutum mai furfura a gemu ta cika wayar, bayansa shagon ɗinki. Hajiya ta riƙe wayar nesa da idonta. Mutumin ya ce, "Gwaggo?" da wata irin murya da ta sa matan da ke wanke kwanuka suka tsaya. Suka yi ta magana har caji ya ƙare, rabi Hausa rabi kuka, Yasin na cike gurbin kalmomin da suka ɓace.

Washegari da safe Hajiya ta sa Sadick ya tsayar da taksi. Ba ta shiga maƙabarta, don haka ta tsaya a bakin hanya a Tafo ta kwatanta wa Sadick wurin, kusa da tsohuwar katanga ta gabas, inda kabarin ubanta Gausu ya daɗe da bajewa. Ta ga shi da Yasin suna tafiya tsakanin ciyayi, ɗaya mai faɗin kafaɗa ɗaya siriri. Suka tsaya, suka ɗaga hannu. Direban ya tambaye ta ko ya kashe mota, ta ce ya kashe, za su ɗan jima.